Zoɓo, kanwa da lemun tsami: awon sinadarai a cikin kicin

Idan zoɓo ya ɗiga a farar riga aka goga wa wurin sabulu, tabon ba ya fita nan take. Yana fara rikiɗa daga ja ya koma shuɗi-shuɗi mai duhu, wani lokaci har ya ɗan yi kore. Mata da yawa sun ga wannan a wajen wanki, haka nan wadda ta taɓa jefa kanwa a tukunyar yakuwa ta ga ganyen ya canza kala tsaminsa kuma ya mutu. Abin da ya faru a rigar da abin da ya faru a tukunyar duk abu ɗaya ne, kuma shi ne darasin da ake koya wa ɗaliban babbar sakandare a kan asid da bes, wanda a makarantu da yawa a kan allo ake farawa, a kan allo ake gamawa, saboda babu kayan gwaji. Alhali furen zoɓo, wanda manoman Jigawa da na kudancin Nijar suke nomawa har ana fitar da shi zuwa Meziko, ya ishi ɗalibi ya ga darasin da idonsa, har ma ya yi awo ya samu adadi.

A fara da rabe-raben da kowace uwar gida ta sani. Akwai dangin tsami: lemun tsami, tsamiya, nono, ruwan kal, da shi kansa zoɓon. Waɗannan su ne asid. Akwai kuma masu kashe tsami: kanwa, ruwan toka, bakin soda da ake sa wa kek, da sabulu. Su ne bes, kuma ana gane su da santsin da suke yi a tsakanin yatsu. Gishiri da sukari ba sa cikin ko ɗaya. Abin da ya sa asid ya zama asid shi ne idan ya shiga ruwa yana sakin wasu ƙwayoyin haidirojin masu caji, waɗanda ake rubutawa H⁺. Bes kuwa kwashe su yake yi. Ma'aunin pH, wanda masanin ƙasar Denmak Sorensen ya fito da shi a 1909, yawan waɗannan ƙwayoyi yake nunawa. Tsarkakakken ruwa yana kan 7. Abin da ya gaza 7 asid ne, abin da ya haura bes ne. Ruwan lemun tsami yana wajen 2, nono mai tsami wajen 4, ruwan bakin soda ya ɗan haura 8, sabulun wanka tsakanin 9 da 10, ruwan toka mai ƙarfi kuwa yakan kai 11 ko fiye. Kowane taki ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ne, wato abin da ke kan 2 ya fi wanda ke kan 4 yawan H⁺ sau ɗari.

Jan da ke cikin zoɓo wani sinadari ne da ake kira antosayanin, irin wanda ke cikin jan kabeji da baƙin inabi. Halinsa shi ne idan H⁺ ya yi yawa a ruwa yakan kama shi, idan ya yi ƙaranci ya sake shi, kuma duk lokacin da ya kama ko ya saki sai ginin ƙwayarsa ya ɗan sauya. Da sauyin ginin, irin hasken da yake haɗiyewa ma sai ya sauya, ido kuma ya ga wata kala. Wannan dabara ta daɗe a hannun masana. Tun a 1664 Robert Boyle na Ingila ya rubuta yadda ruwan wani fure mai kalar shunayya yake yin ja da asid, ya yi kore da bes. Takardar litimas da ake ambata a littattafan makaranta ma daga rinin wani tsiro ake yin ta.

Haɗa ruwan gwaji

A samu busasshen zoɓo mai duhun ja, kamar giram 10, wato ɗan abin da zai zauna a tafin hannu ba tare da ya zuba ba. A tafasa ruwa leda ɗaya ta fiya wata, wadda rabin lita ce, a sauke, a zuba zoɓon a rufe na minti goma, sannan a tace da tsumma mai tsabta a bar shi ya huce. Kada a sa sukari, ko citta, ko kanumfari, ko ɓawon abarba. Zoɓon gora na sayarwa ba zai yi ba, domin galibi an ƙara masa garin kala da na ɗanɗano, kuma kalar kanti ba ta damu da asid ko bes ba, ja take ja za ta zauna. An fi so a jiƙa shi a kwanon silba marar tsatsa ko roba mai jure zafi, saboda tsatsar ƙarfe da tukunyar dalma suna dusar da kalar tun kafin a fara.

Sauran kayan su ne kofuna masu garai-garai guda bakwai ko takwas (gindin gorar ruwa da aka yanke ya wadatar), ƙaramin cokalin shayi, farar takarda da za a shimfiɗa a ƙasa, da sabon sirinji mai cin mililita 5 daga kemis, wanda aka cire masa allura aka yar. Sirinjin nan shi ne zai maye gurbin kayan awon ɗakin gwaji.

A nan ne akasarin masu gwadawa suke yin kuskure: sukan cika kofi da zoɓo mai kauri, su ɗiga ruwan kanwa kaɗan, su ga babu abin da ya canza, su ce abin ƙarya ne. Dalilin shi ne zoɓo kansa asid ne mai tsami sosai, pH ɗinsa bai kai 3 ba, don haka tsaminsa yake cinye ɗan bes ɗin da aka ɗiga. Juyawa za a yi. Abin da ake son gwadawa shi zai yi yawa, zoɓo ya zama kaɗan: mililita 20 na abin gwaji, wato sirinji huɗu, sai mililita 2 na zoɓo.

A jera kofunan a kan farar takarda, a rubuta sunan kowanne. Na farko ruwan leda zalla, sai ruwan lemun tsami da aka sirka, ruwan tsamiya da aka tace, ruwan gishiri, ruwan bakin soda, ruwan sabulu, ruwan kanwa, da ruwan toka. Na bakin soda da na kanwa, cokalin shayi ɗaya shafe a rabin litar ruwa. Na toka, babban cokali biyu a kofin ruwa, a motsa, a bari ya kwanta, a tsiyaye na saman. Da an zuba zoɓon, lemun tsami da tsamiya za su yi ja mai haske. Ruwa zalla da ruwan gishiri za su yi ruwan hoda iri ɗaya, abin da ke nuna gishiri bai ƙara tsami ba bai kuma rage ba. Bakin soda zai kashe jan ya koma shunayya mai toka-toka. Kanwa da toka za su yi kore mai duhu. Ainihin kalar takan ɗan bambanta daga wani zoɓo zuwa wani, amma jerin ba ya sauyawa: ja, sannan shunayya, sannan kore.

A duba kalar a cikin minti ɗaya, kuma da hasken rana. Antosayanin ba ya jure bes mai ƙarfi. Idan aka bar koren nan ya jima sai ya koma ruwan ƙasa ko ruwan ɗorawa, alamar sinadarin ya lalace. Ɗalibi zai iya tabbatar da wannan da kansa: ya raba koren gida biyu, ya matsa lemun tsami a rabi ɗaya nan take, zai ga jan ya dawo. Ɗaya rabin ya bar shi ya wuni sannan ya matsa lemun, zai ga jan ya dawo a dushe, ko ma ya ƙi dawowa. Na farko sauyi ne mai komawa, na biyu marar komawa, kuma bambancinsu babi ne guda a littafin kimiyya.

Akwai tambayar da ya kamata malami ya jefa wa aji a wannan gaɓa. Me ya nuna cewa jan kalar ne yake yin wannan aiki, ba tsamin zoɓon ba? Amsar tana kasuwa. Akwai farin zoɓo da ake sa wa miya, tsaminsa yana nan amma ba shi da jan rinin. A jiƙa shi daidai yadda aka jiƙa jan, a maimaita gwajin. Ba za a ga ja ba, ba za a ga shunayya ba, iyakaci ya ɗan yi ɗorawa-ɗorawa a ruwan toka. A ganina wannan ƙaramin gwaji ya fi duk kyawun kalolin amfani, domin a nan ne yaro yake koyon yadda ake cire abu ɗaya a bar saura don a gano wane ne mai aikin.

Wace kanwa ce ta fi ƙarfi?

Kala tana gaya maka ɓangaren da abu yake. Ba ta gaya maka nawa ne a ciki ba. Don sanin wannan sai an yi awo, kuma tambayar da ta dace a fara da ita mai sauƙi ce. A kasuwa akwai jar kanwa, akwai fara, akwai ungurnu, kuma masu girki suna da ra'ayi a kan wadda ta fi kama miya. Kanwa ma'adini ce da ake haƙowa a busassun tafkuna na yankin Manga da kewayen Tafkin Chadi. Abin da ke aiki a cikinta shi ne sodiyam kabonet da sodiyam baikabonet, amma tana zuwa haɗe da gishiri da yashi da ƙasa, kuma yawan wannan gami ya bambanta daga ƙulli zuwa ƙulli. To, wace ce ta fi kashe tsami?

A daka kowace kanwa daban har ta yi laushi. A ɗebi cokalin shayi ɗaya a shafe bakinsa da tsinke, a narkar a rabin litar ruwan leda, a bari ƙasar ta kwanta. A matse lemun tsami kamar guda goma a kwano ɗaya, a tace sosai. Wajibi ne duk awon a yi shi da wannan ruwan lemu guda, saboda tsamin wani lemu ya fi na wani. Sannan a tanadi kofin shaida: ruwa zalla mililita 20 da zoɓo mililita 2. Kalarsa ita ce inda za a tsaya.

Yanzu a auna mililita 20 na ruwan kanwa ta farko, a sa zoɓo mililita 2, ya yi kore. A cika sirinji da ruwan lemu, a riƙa ɗigawa kaɗan-kaɗan ana kaɗa kofin. Da farko duk inda ɗigon ya sauka zai yi ja ya ɓace. Can sai a ga ƙananan kumfa suna tasowa, wato iskar kabon dayokzaid ce take fita, irin wadda ke cikin lemun kwalba:

NaHCO₃ + H⁺ → Na⁺ + H₂O + CO₂

Koren zai bi ta shunayya, ya dusashe, sannan ruwan hoda ya fara zama. Idan jan ɗigon ya fara jinkirin ɓacewa, an kusa, sai a koma ɗigo ɗaya-ɗaya. Da kalar ta yi daidai da ta kofin shaida kuma ta zauna bayan an kaɗa, a tsaya a karanta abin da ya fita daga sirinjin.

Mu ɗauki misali don a ga yadda lissafin yake tafiya. A ce kanwa ta farko ta ci mililita 6.0 a karon farko, 6.4 a na biyu, 6.2 a na uku. Idan aka haɗa aka raba uku, 6.2 ke nan. Ta biyu ta ci 3.0, 3.4 da 3.2, matsakaicinsu 3.2. Ma'anar ita ce a cokali ɗaya, ta farko tana ɗauke da kusan ninki biyu na abin kashe tsami da ke cikin ta biyu, kuma mai yiwuwa rabin ta biyun gishiri ne da ƙasa. Ɗalibi ya leƙa gindin gorar da ya narkar da ita ya ga ko lakar da ta kwanta ta gaskata hakan. Idan kuwa awo uku suka fito 4, 7 da 5, babu abin da aka gano tukuna, hannu ne bai zauna ba. Ko dai ana zuba lemun da gaggawa, ko ba a wanke kofi tsakanin awo da awo ba. Sai a sake.

Daga nan a yi wa ruwan bakin soda irin wannan awo, domin yana ɓoye da darasi mai kyau. A gwajin kala bakin soda iyakarsa shunayya, bai kai kore ba, don haka ɗalibi zai zaci lemu kaɗan zai ci. Amma sai ya ga ya ci kusan abin da kanwa mai kyau ta ci, ya kuma fi kanwa mai ƙasa. Dalili shi ne bakin soda bes ne mai sanyin hali, ba ya ɗaga pH sosai, amma cokalin nasa zalla ne babu gami, kuma kowace ƙwaya a ciki sai ta kwashe H⁺ ɗaya kafin a gama. Zafin bes daban, yawansa daban. Ɗalibai da yawa suna rikita waɗannan biyun a jarrabawa, wanda kuwa ya ga wannan kofi da wuya ya sake rikita su.

Wannan aiki shi ne taitireshan da ake yi a jarrabawar gwaji ta WAEC da NECO, inda ake amfani da biuret da fifet da metil oranj. Tsarin ɗaya ne, amma a san iyakar na kicin. Cokali yana auna cika ne, ba nauyi ba, don haka gari mai laushi da mai tsakuwa ba za su zo daidai ba, kuma wanda ya samu ƙaramin sikeli ya auna giram 5 ya fi dacewa. Ba a san ainihin ƙarfin ruwan lemun ba, saboda haka awon yana iya cewa wannan ta ninka waccan, amma ba zai iya cewa giram kaza ne a ciki ba. Sannan kalar zoɓo a hankali take juyawa, ba farat ɗaya ba kamar ta sinadaran ɗakin gwaji, shi ya sa kofin shaida ya zama dole, kuma ya fi kyau mutum ɗaya ya riƙa yanke hukuncin kalar a duk awon.

Ruwan da aka yi amfani da shi ma yana iya ɓata lissafi. Ruwan wasu rijiyoyi da burtsatse yana ɗauke da baikabonet da ya narke daga ƙasa, wanda ya isa ya kashe ɗan tsamin zoɓon ya dusar da kalar kofin shaida. Wanda ya ga haka kada ya zubar, ya jera ruwan sama da na leda da na rijiyar gidansu ya kwatanta su. Ruwan da ya fi dusar da zoɓo sau da yawa shi ne wanda sabulu ke wahalar yin kumfa a cikinsa.

Takardar zoɓo da sabulun gida

Ruwan zoɓo ba ya wuce kwana biyu a zafinmu sai ya fara lalacewa. Mai son ajiya ya tsoma farar takarda mai shan ruwa a zoɓo mai kauri, ya shanya a inuwa, ya yayyanka siri-siri ya adana a ambulan, nesa da rana. Da ita ake iya duba sabulu. Sabulu ana yin sa ne daga mai da bes: sabulun salo da ruwan toka, sabulun soda kuma da sodar da ake sayarwa a kasuwa. Idan mai haɗawa ya sa bes fiye da abin da man zai cinye, ragowar tana zama a cikin sabulun, ita ce take cin hannun mai wanki. A kankare rabin cokali daga kowane sabulu a narkar a ruwa daidai wa daida, a ɗiga a takardar. Duk sabulu na gaskiya zai kashe jan, wannan ba aibi ba ne. Wanda ya yi kore shar nan take sannan gefensa ya koma ɗorawa, shi ne mai ragowar soda. Ana iya kafa shaida ta biyu da kurkum: ruwansa ɗorawa ne a asid da ruwa zalla, amma yana komawa ja mai duhu idan pH ya haura wajen 8. Zoɓo ya fi ba da labari a ɓangaren tsami, kurkum a ɓangaren kanwa.

Haɗa sabulun kansa da soda ba aikin ɗalibi ba ne a gida. Sodar sabulu tana ƙona fata, kuma ɗigo ɗaya a ido yana iya makantarwa. Haka ruwan batir, shi ma asid ne mai ƙuna, kada ya kusanci waɗannan kofuna. Bilicin wanki ya fi su yaudara saboda yana kowane gida: idan ya haɗu da lemun tsami ko kal yana fitar da iskar kulorin mai illa ga huhu, kuma ba ya koyar da komai a nan, domin cinye kalar yake yi gaba ɗaya. Ko ruwan toka da muke sa wa miya, idan ya fantsama a ido sai a wanke da ruwa mai yawa na minti goma sha biyar, a je asibiti idan zafin bai daina ba. Tokar ta zama ta itace ko ta karan dawa, ba ta bola ba inda aka ƙona leda da batura. Kada a ɗanɗana komai ko da daga kicin ya fito, kuma a kawar da kofunan daga inda ƙanne ke wasa, domin jan ruwa a kofi yaro zoɓon sha zai ɗauke shi. Babba ya tsaya a wajen tafasa ruwan.

Ga malaman kimiyya, kafin ku shiga babin asid da bes a wannan zango, ku raba aji rukuni-rukuni, kowane rukuni ya zo da kanwa ko toka daga gidansu. Ku matse lemun a kwano ɗaya, ku ba kowa sirinji, kowane rukuni ya yi awo uku ya rubuta sakamakonsa a kan allo. Inda adadin wani rukuni ya saɓa da na saura, kada ku gyara musu, ku sa su nemo dalilin da kansu.